Madauki Mai Buga 3 Sau Uku: Nazarin Tambayar Kulosha da Kewayen Aukuwa a Intabiyun JavaScript

Intabiyun ɗaukar masu rubuta manhaja da harshen JavaScript yana da wasu tambayoyi da suka zama gado, waɗanda ake maimaita su daga wannan kamfani zuwa wancan har suka ɗauki siffar kacici-kacici, kuma babu wadda ta kai tambayar madauki da agogon jinkiri shahara a cikinsu. Yadda al'adar take shi ne a ajiye wa mai neman aiki layuka huɗu ko biyar, a hana shi gwada su a kwamfuta, a ce ya faɗi abin da zai fito a allo da dalilin fitowarsa:

```js
for (var i = 0; i < 3; i++) {
  setTimeout(() => console.log(i), 0);
}
console.log("an gama");
```

Wanda bai san sirrin ba zai ce 0, 1, 2 za su fito, sannan "an gama" ya biyo baya, alhali kuwa "an gama" ne ke fara fitowa, sai 3 ta biyo shi sau uku. Mai tambaya bai cika damuwa da wannan amsa ba, domin haddace ta ba ta da wuya. Abin da yake saurare shi ne ko mai amsa zai iya raba abubuwa biyu da suka sarƙe a cikin layukan, wato inda suna yake samo ƙimarsa da kuma lokacin da aikin ke gudana. Na farkon shi ne batun kulosha, na biyun kuma batun kewayen aukuwa, kuma ba a samun 3 sau uku sai sun haɗu.

Kafin a kai ga kulosha sai an san fankishin, wato dunƙulen umarni da ake rubutawa sau ɗaya a kira shi duk lokacin da ake buƙata, da kuma bariyabul, wato gurbi mai suna da ake ajiye ƙima a cikinsa. Kulosha ita ce fankishin haɗe da muhallin da aka haife shi a ciki, ta yadda ko an ɗauke shi an kai shi wani wuri, ko fankishin da ya haife shi ya gama aiki tuntuni, yana nan yana ganin gurabun da suka kewaye shi a inda aka rubuta shi. Tunanin ya girmi JavaScript nesa ba kusa ba, domin Peter Landin ne ya raɗa masa suna a 1964, harshen Scheme ya ginu a kansa tun 1975, kuma daga can Brendan Eich ya ɗauko shi lokacin da ya ƙirƙiri JavaScript a kamfanin Netscape a 1995.

Kuskuren da ya fi yawa, wanda mai tambaya mai kunne yake kamawa nan take, shi ne a ce kulosha tana ɗaukar kwafin ƙima ta ajiye. Gurbin kansa take riƙewa, ba abin da ke cikinsa a ranar haihuwarta ba, kamar yadda mai riƙe da makullin ɗaki zai tarar da abin da ke ɗakin a ranar da ya buɗe, ko da an canza kayan sau goma tun da aka ba shi makullin. Kalmar `var` kuwa ba ta san iyakar madauki ba, iyakar fankishin kaɗai ta sani, saboda haka gurbin `i` guda ɗaya ne tak a dukan zagayen, kuma fankishin ukun da aka miƙa wa `setTimeout` makulli ɗaya suke riƙe da shi. Madaukin ba ya tsayawa sai sharaɗin `i < 3` ya karye, wanda ke nufin ƙimar ƙarshe da aka bari a gurbin 3 ce, ba 2 ba, kuma wannan ƙaramin bayani ma yakan kayar da wasu.

Wannan rabin amsa ne kawai, domin da fankishin ukun za su gudana nan take a cikin zagayen da aka haife su, da kowanne ya buɗe gurbin ya tarar da 0, 1 ko 2, duk da cewa gurbin ɗaya ne. Abin da ya sa suka makara shi ne JavaScript yana gudanar da umarnin shafi a kan zare ɗaya, ma'ana abu ɗaya yake yi a lokaci ɗaya, kuma yana lissafin inda yake ta hanyar tarin kira, wanda ake ɗora kowane fankishin a samansa idan an kira shi, a sauke shi idan ya gama. Shi `setTimeout` ba ya cikin harshen kansa, burauza ce ko Node.js ke samar da shi, kuma aikinsa shi ne ya karɓi fankishin, ya kunna agogo a wajen zaren, ya dawo nan da nan. Idan lokacin ya cika, ba a katse abin da ke gudana, sai dai a saka fankishin a layin jira. Kewayen aukuwa shi ne tsarin da ke jiran tarin kira ya zama wayam, sannan ya ɗauko aiki ɗaya daga layin ya ɗora shi, ya bar shi ya gudana har ƙarshe kafin ya waiwayi na gaba. Tun da madaukin da layin "an gama" duk suna cikin aiki guda da bai ƙare ba, babu yadda za a yi ko ɗaya daga cikin ukun ya samu shiga, ko da an rubuta jinkirin sifili.

Lambar da ake ba `setTimeout`, wadda ake ƙirgawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, mafi ƙarancin jira ce, ba alƙawari ba. Idan aka saita agogo a kan 100, sannan wani lissafi ya riƙe zaren tsawon daƙiƙa biyu, fankishin ba zai gudana ba sai bayan daƙiƙa biyun, kuma a tsawon lokacin shafin ba ya amsa dannawa ko rubutu, wanda shi ne alamar da ake gane toshewar zare da ita. Sifilin ma ba koyaushe sifili ba ne, domin ƙa'idar HTML ta ce idan agogo ya haifi agogo har hawa ya wuce biyar a ɗaga jinkirin zuwa 4, Node.js kuma yana mayar da 0 ya koma 1.

Bayan bayanin dalili sai a nemi gyara, kuma amsar da kowa ya haddace ita ce a sauya `var` da `let`, wadda ta shigo harshen a bugun 2015. Amsar daidai ce, 0, 1, 2 za su fito, amma dalilin da akasari ake bayarwa, cewa `let` ta san iyakar madauki, bai isa ba. Asalin abin da ke faruwa shi ne idan aka rubuta `let` a goshin `for`, harshen yana ƙirƙiro sabon gurbi a kowane zagaye, ya zuba masa ƙimar da wanda ya gabata ya ƙare da ita, sannan ya ƙara ɗaya, ta haka kowane fankishin ya samu nasa ɗakin. Mai tambaya da ya ƙware yakan gwada fahimtar da wannan ɗan sauyi:

```js
let i;
for (i = 0; i < 3; i++) {
  setTimeout(() => console.log(i), 0);
}
```

A nan 3 ce za ta sake fitowa sau uku duk da `let`, saboda an haifi gurbin a wajen madaukin, ya koma guda ɗaya, kuma wanda ya ɗauki kalmar tamkar laya a nan asirinsa ke tonuwa. Kafin 2015 gyaran da aka saba shi ne a naɗe cikin madaukin a wani fankishin da ake kira nan take a miƙa masa `i`, domin kowane kira yana buɗe sabon muhalli. Akwai kuma hanyar rubuta `setTimeout(console.log, 0, i)`, wadda ke miƙa ƙimar kanta a lokacin saita agogo, ba tare da an dogara da kulosha a kan `i` ba sam.

Zangon ƙarshe na tambayar yakan karkata ga `Promise`, wato abin da ke wakiltar sakamakon da ake jira, domin a ga ko mai amsa ya san layin jira ba ɗaya ba ne:

```js
console.log("A");
setTimeout(() => console.log("B"), 0);
Promise.resolve().then(() => console.log("C"));
console.log("D");
```

Jerin shi ne A, D, C, B. Haruffa biyun farko suna cikin aikin da ke gudana, C kuma ya riga B duk da an rubuta shi daga baya, saboda abin da aka miƙa wa `then` yana shiga layi na musamman, na ƙananan ayyuka, wanda ake share shi gaba ɗaya da zarar tarin kira ya zama wayam, kafin a taɓa babban aiki na gaba irin na agogo ko na dannawa. Sharewar ta haɗa har da ƙananan ayyukan da aka ƙara ana cikin sharewa, kuma a nan haɗarin yake: fankishin da ke sake tura kansa ta `then` ba iyaka zai daskarar da shafi, domin burauza ba za ta samu sararin sake zana allo ba, alhali irinsa da ke tura kansa ta `setTimeout` yana barin ƙofa a buɗe tsakanin zagaye da zagaye. Abin da ke biyo bayan `await`, wadda ta zo a 2017, ta wannan ƙaramin layi yake bi. Sai dai saurin layin ba ya ceton madaukin farko, domin ko an maye gurbin agogon da `then`, madaukin ya riga ya gama kafin a share layin, kuma 3 ce za a gani.

Al'adar tana da rauninta. Da wuya a ga `var` a cikin madauki a manhajar da aka rubuta yau, kuma wasu masu tambaya sukan zurfafa cikin jerin `process.nextTick` da `setImmediate`, waɗanda halayensu na Node.js ne, har ma tsarin share ƙananan ayyuka tsakanin agogo da agogo ya sauya a bugu na 11 a 2018, ta yadda amsar da ta kasance daidai a wata shekara ta zama kuskure a wata. Irin wannan ya fi auna hadda da bibiyar bugu fiye da fahimta. Ƙashin bayan tambayar kuwa yana nan da ransa a aikin yau da kullum, ko da ya sauya riga. A React, alal misali, kowane zane na wani sashen shafi yana haifar da sababbin gurabu, saboda haka `setInterval` da aka saita sau ɗaya a zanen farko yana ci gaba da karanta gurbin zanen farko, sai a ga maƙirgin da ya tashi daga 0 ya kai 1 ya tsaya cik, domin kullum sifili yake ƙara wa ɗaya. Wannan juyin matsalar madauki ce, a can gurbi ɗaya ya yi wa fankishin uku kaɗan, a nan gurabu sun yi yawa fankishin ya maƙale wa tsoho. Haka nan kulosha da aka rataya a agogon da ba a kashe ba tana hana mai share ƙwaƙwalwa kwashe duk abin da take riƙe da shi, kuma ana gane hakan idan ƙwaƙwalwar da shafi ke ci tana hawa a duk buɗewa da rufewar sashe ba ta sauka, har sai an kira `clearInterval` a lokacin da sashen ke barin allo.