Akawun da alƙalaminsa ba ya yanke hukunci

Da kaka, idan masara ta shigo gida a Mahuta da ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, injin sussuka ba ya hutawa, kuma a nan ne hannu kan haɗu da bel. Kafin a kai mai rauni asibiti labari ya rabu uku. Wani ya ce ganganci ne, wani ya ce gyangyaɗi yake yi, mai injin ya ce tsautsayi ne. Gwanin akawu, in zai rubuta rahoton hatsarin, yakan saurari kowa, amma bai yarda alƙalaminsa ya bi bakin kowa ba.

Mu ɗauka bel ya kama hannun rigar wani lebura. Ɗan koyo zai rubuta, "Ya yi sakaci, injin ya karya shi." Ya zama alƙali, ya zama likita, alhali ba ya wurin. Gwani kuwa ga abin da zai sa: "Ranar Talata na iso ƙarfe 4:25 na yamma, an riga an kashe injin. Na ga bel babu murfi, murfin yana jingine da bango. Hannun rigarsa na dama ya yage. Akwai yanka a bayan hannun, kuma ya kumbura." Bai ce karaya ba, don wannan maganar likita ce bayan an ɗauki hoto. Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin isowarsa da ya rubuta. Da wannan kaɗai mai karatu ya san inda ganin akawun ya fara.

Shaidu yakan ji su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, domin in aka tara su, bakin babba kowa zai bi. Kowace magana da mai ita: "Mai zuba masara ya ce ya ga ya sunkuya zai janye buhu." In wani ya ce a gajiye yake, sai ya tambaye shi, "Me ka gani?" Hamma abin rubutawa ce. Gajiya fassara ce.

Zato ma yana da gurbinsa, a ƙarshen takarda, ƙarƙashin kansa daban, tare da hanyar tabbatar da shi: "Ana zaton an cire murfin lokacin gyara ba a mayar ba. A tambayi makaniki." In aka cusa wannan cikin abin da aka gani, gobe makaniki ya musanta, rahoton gaba ɗaya ya rasa daraja.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da ubangidansa, shi kuma ubangidan ya kai rahoto hukumar NSITF cikin kwana 7. Wanda zai duba batun diyya a ofis bai taɓa ganin injin ba, takardar nan kaɗai zai gani. Don haka malam akawu, rubuta ta tun ranar, kafin wani ya mayar da murfin.