Maye, Gul, Bamfaya da Zombi: Nazarin Asalinsu da Tsoron da Kowane ke Ɗauke da Shi

1.0 Gabatarwa

Mai kallon fina-finan ban tsoro a Kafanchan ko Zonkwa, idan ya tashi ba da labari da Hausa, yakan kira duk wani abu mai shan jini ko cin mutum da sunan maye. Wannan maƙala tana ganin akwai gyara a nan. Bamfaya da gul da zombi asalinsu daban-daban ne, kuma babu wanda ya yi daidai da maye. Za a auna su da tambayoyi biyu: me abin yake raba mutum da shi, kuma wa ake zargi?

2.0 Ma'auni daga Gida

Maye a tunanin Bahaushe rayayyen mutum ne, mai ƙanƙarar maita a ciki, wadda ya gada ko ya saya. Kurwa yake kamawa, sai mai ita ya kwanta ciwo, kuma magani shi ne a tilasta wa wanda ake zargi ya tsallake majinyacin. Bajju na ƙasar Zonkwa suna da nkut, wato ikon taɓa wani ta ɓoyayyiyar hanya, wanda Carol McKinney ta nazarta a kundinta na 1985. A duka biyun, abin tsoron yana cikin gari, ana gaisawa da shi, ana cin tuwo tare.

3.0 Bamfaya

Bamfaya gawa ce da ta ƙi kwanciya. Mafi shaharar misali ya fito daga ƙauyen Medveđa na Sabiya. Wani tsohon soja, Arnold Paole, ya faɗo daga keken ciyawa ya mutu, sai wasu suka bi shi. Bayan kwana 40 aka tone shi, aka ga jini a bakinsa, farcensa kamar ya ƙara tsawo, aka soke shi da turke aka ƙone. Da mace-mace suka dawo, likitan sojan Ostiriya Johann Flückinger ya rubuta rahoto a 1732, wanda ya yaɗa labarin a Turai.

A yau an san cewa waɗannan alamun ruɓewa ne: iskar ciki takan kumbura gawa ta turo ruwa mai jini ta baki, fata kuma ta janye daga farce. Tsoron da ke nan na annoba ne, a zamanin da ba a san yadda cuta ke yaɗuwa ba. Ana zargin mamacin farko saboda danginsa da maƙwabtansa ne suka bi shi. Basaraken nan mai alkyabba ƙagen adabi ne, wanda littafin Dracula na Bram Stoker ya kafa a 1897.

4.0 Gul

Gul na Larabawan Jahiliyya bai taɓa zama mutum ba. Jinsin aljanu ne mai rikiɗa, yana tare matafiyi a sahara, sau da yawa da siffar mace, ya ɓatar da shi ya halaka shi. Zaman maƙabarta da cin gawa sun ƙarfafa ne a Turai, bayan fassarar Dare Dubu da Ɗaya da Antoine Galland ya fara fitarwa a 1704. Tsoronsa na asali na daji ne da baƙuwar fuska. Makusancinsa a Zonkwa shi ne gajimale na Bajju, iskar ruwa mai fitowa da kyakkyawar siffa don yaudara.

5.0 Zombi

Zombi na Haiti ba ya cin kowa. Shi aka cuta. Boka ne ke tayar da shi daga kabari, ya riƙe wani sashe na ruhinsa, ya sa shi noma ba lada, kuma ana hana shi gishiri don kada ya farfaɗo. Ga jikokin bayin gonakin rake, waɗanda suka yi tawaye daga 1791 zuwa 1804, wannan tsoro ne na bautar da ko mutuwa ba ta yanke ta. Taron gawarwaki masu cin nama ya samo asali ne daga fim ɗin George Romero na 1968, inda ma gul aka kira su.

6.0 Kammalawa

Bamfaya jini yake ɗauka, gul rai da nama, zombi kuwa 'yancinsa aka ɗauke. Ta fuskar riƙe kurwa, bokan Haiti ne ya fi kusa da maye. Kuskuren fassara a nan yana da nauyi, domin a Medveđa gawa aka soke, amma kalmar maye rayayye take nunawa, kuma zargin maita ya sha raba tsofaffi da gidajensu, wani lokaci da rayukansu. Ya kamata mai fassara ya ari sunan baƙon ya yi masa bayani, ya bar maye a muhallinsa.