Gwanin da ke Cin Kuɗi Idan Kasuwa ta Tsaya Cak

A kasuwar Cboe ta birnin Chicago akwai 'yan kasuwar da babu ruwansu da ko farashi zai hau ko zai sauka. Fatansu kawai kada ya yi nisa. Dabarar da suke amfani da ita, wadda manhajojin ciniki ke nunawa da suna iron condor, kwangila huɗu ce a ɗaure wuri guda, kuma gwanintar tana wajen zaɓar inda za a kafa kowacce.

A ce ma'aunin SPX yana kan 5,000, VIX kuma, mai auna fargabar kasuwa, yana wajen 15. Gwani zai duba kwangilolin da saura musu kwana 45. Ya sayar da put a 4,700, ya sayar da call a 5,200, inda allo ke nuna delta kusan 16, wato a kiyasi sau ɗaya cikin shida ne farashi zai ƙare a bayan kowace iyaka. Lura cewa ta ƙasa ta fi nisa. Da gangan ne: mutane sun fi tsoron faɗuwa, kuma idan kasuwa ta tashi faɗi ba ta yin sallama.

Sai fikafikai. Ya sayi put a 4,650, ya sayi call a 5,250, su tare masa asara. Faɗin maki 50 ke nan. Idan ya karɓi maki 12 a dunƙule, dala 1,200 ce, tunda kowane maki dala 100 ne. Mafi munin abin da zai same shi shi ne 50 a cire 12, wato dala 3,800. Faɗuwa ɗaya tana haɗiye riba uku har da ƙari. Ya faɗaɗa fiffike, kuɗin shiga ya ƙaru, ramin ma ya ƙara zurfi. Ya matse shi, ladan dillali ya cinye rabon.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake rubuta ƙa'idar fita tun bai shiga ba. Da zarar kuɗin rufewa ya sauko maki 6, ya ɗauki dala 600 ya kama gabansa. Idan ya haura 24, ya rufe da asarar 1,200 ba musu. Saura kwana 21 kuwa, ko ana riba ko babu, ya fita, don daga nan ƙaramin motsi ke jujjuya darajar kwangilar sosai.

Kwanciyar kasuwa ita kanta tarko ce, domin lokacin ne kuɗin da ake karɓa ke ƙanƙancewa, kwaɗayi ya sa mutum matso da iyakokinsa. Ranar 5 ga Fabrairun 2018 VIX ya ninka har ya zarce cikin yini guda. A irin wannan rana farashi na tsallake wurin da aka shirya fita, shi ya sa gwani ke ƙidaya kwangilolinsa da 3,800 ɗin nan, ba da 1,200 ba.