“Ana Nemanki a Gida”

Wani malamin makaranta ya taɓa ce mini yadda mutanenmu na ƙauyukan Dambatta da Makoɗa ke faɗin mutuwa ƙarya ce aka yi wa kwalliya: mutum ya cika tun dare, amma a aika wa 'yarsa cewa jiki ya yi tsanani. Wasu kuma haramcin na'ayi suke kawowa. Waɗannan amsarsu gajera ce, domin Manzon Allah (SAW) da kansa ya sanar da rasuwar Najjashi a ranar da ya rasu. Abin da aka hana shi ne shelar alfahari irin ta jahiliyya. Malamin makarantar ne ya cancanci a tsaya a kan maganarsa.

Da ƙafa ake kai wannan saƙo a da, sai keke ya zo, sai lasifikar masallaci da sanarwar Rediyon Kano, sannan wayar salula daga 2001. A wannan yanki da gona ke manne da gona, ɗan aike kan zaga ƙauye uku kafin hantsi, shi ya sa har yau ba a daina tura mutum ba.

A ce dattijo ya cika bayan sallar isha. Wanda za a fara tasa shi ne babban namijin gidan, ƙanensa ko babban ɗansa. Daga shi sai liman, don a tsayar da lokacin jana'iza, sai mai unguwa, sai samarin da za su haƙa kabari da asuba, sai wanda zai yanko likkafani. Ɗiyar da mamacin ya fi so tana iya zama ta goma a ji. Aiki ake bi, ba kusanci ba, saboda gawa ba ta jira. Ko yayan mamaci ne ke ci-rani a Legas, za a kira shi, amma ba za a ɗaga sallar don shi ba.

Inda gwanintar take shi ne wajen waccan ɗiyar da ke aure a ƙauyen gaba. Ba yaro ake turawa ba, baffanta ake turawa ko wani mai nutsuwa, kuma ba ita zai fara gani ba. Zai yi sallama da mijinta a zaure, ya faɗa masa ƙarara. Idan tana da tsohon ciki ko tana jego, uwar mijin ce za ta san yadda za a ɓullo mata. Idan lafiyarta ƙalau, sai a yi masa iso. Su gaisa har ƙarshe, gajiya da yara da ruwa, yana amsawa da “lafiya lau”. Sannan ya ce, “Ki shirya, ana nemanki a gida.” Ta dubi ƙafarsa da ta sha raɓa, ta ga ko tabarmar da aka shimfiɗa bai hau ba. Ta ce, “Baffa, Baba ne?” Ya ce, “Sai haƙuri.” Ita ce za ta fara salati.

To ina ƙaryar? Ba wadda ta tashi a nan da ba ta san ma'anar baffa da sassafe ba. Ko “jiki ya yi tsanani” ɗin, wanda ni ma ban fiye so ba, kowa ya san abin da ke bayansa, amfaninsa kawai ta hau babur da sauran ƙarfinta. Gwani ma ba ya bukatarsa. Yana barin mai ji ya iso ga labarin da ƙafarsa, kuma a ganina duk al'adar a kan wannan ta tsayu. Inda take ɓaci shi ne idan an ja zancen: ta taho tana sa rai, sai ta hango maza jere a ƙofar gida, ko ta ci karo da makara a hanya. Laifin ɗan aiken ne da bai ƙarasa ba.

Idon sani ba a yi masa wannan lallaɓawar, amma shi ma ba a jefa masa. Ka haɗu da abokin cinikin mamacin a kasuwar Dambatta ranar Lahadi, bayan gaisuwa sai ka ce, “Ka ji rashin da muka yi?” Ya ce, “Wa?” Sannan suna ya fito, da laƙabi da sunan gida, don Audu ba ɗaya ba ne a gari. “Allah ya yi masa rasuwa”, ko “ya riga mu gidan gaskiya”. Jariri “ya koma” ake cewa. “Ya mutu” kuwa da wuya ka ji shi a gaban dangi.

A waya ma masu hankali sun riƙe tsarin. Kafin a kira ɗan da ke Fatakwal, sai a nemi abokin ɗakinsa, a ce ya tsaya kusa da shi. Tambayar farko kuma ita ce, “Kana ina yanzu? Kana kan mashin ne?”