Insha'i a Cikin Hoto: Hukunci da Gyara

Wata al'ada ta shigo makarantun sakandare na ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, wajen su Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci, wadda ba hukuma ce ta kafa ta ba, ba kuwa a littafi aka koyar da ita ba: ɗalibi ya rubuta insha'insa da biro a takarda, ya ari wayar yayansa ko ta wani maƙwabci, ya ɗauki hoton shafin, ya aika wa malaminsa ta WhatsApp, shi kuma malam ya duba ya mayar masa da hukunci. Galibi da hutun damina abin ya fi yawa, lokacin da yara ke gona tun daga hantsi har azahar, malamai kuwa da yawansu sun koma garuruwansu, alhali jarrabawar WAEC da ta NECO ba sa ɗaga wa kowa ƙafa domin yana noma. Ni ba na cikin masu ƙyamar wannan al'ada, amma ina ganin yadda akasari ake gudanar da ita ya rage mata albarka, domin abin da ke komawa wurin yaro bai wuce lamba ɗaya da kalmar "ka ƙara ƙoƙari" ba.

Fa'idarta ta farko ita ce ta bar yaro da alƙalaminsa. Wanda ya buga insha'i da madannan waya, wayar kan sauya masa kalmomi ba da izininsa ba, kuma yawancin wayoyin da ke hannun mutanen karkara ba a sa musu haruffa masu lanƙwasa ba, saboda haka malam ba shi da hanyar sanin ko yaron ya bambance ƙ da k, ko ɗ da d. Rubutun hannu kuwa ba ya ɓoye kome. Har inda yaro ya soke kalma ya sake wata yana nuna wa mai lura inda tunaninsa ya yi tuntuɓe. Don haka nakan hana ɗalibi ya kwafe aikinsa a sabuwar takarda kafin ya ɗauki hoto, sai ya turo shi da soke-sokensa, domin a zauren jarrabawa ma haka zai miƙa shi.

Mizanin da nake aunawa da shi aro ne daga wanda hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, take duba insha'in Ingilishi da shi. Maki 50 ne, an kasa su gida huɗu: 10 na jigo, wato ko abin da aka faɗa ya amsa tambaya kuma ya wadatar, 10 na tsari, wato gabatarwa da jeren sakin layi da kammalawa, 20 na sarrafa harshe, wato zaɓen kalmomi da ginin jimla, sa'an nan 10 na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki, har idan kurakurai suka kai 20 wannan gida ya zama fanko. Gidaje uku na farko ana iya hukunta su ko da hoton ya ɗan dushe, muddin ana karanta kalmomin. Gida na huɗu shi ne inda hoto ke zaluntar yara, kuma a nan nake so in daɗe.

Haruffan nan masu lanƙwasa, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke shugabancin ofishin talifi a Zariya, bambancinsu da 'yan uwansu ɗan ƙugiya ne da bai kai ƙwayar gero ba. Yaro ya ɗauki hoto bayan isha'i da hasken tocila, hannunsa na rawa, inuwar wayar ta faɗa a rabin shafi, takardar kuma ta lanƙwashe wajen ɗinkin littafi. Sa'an nan WhatsApp ta matse hoton don ya yi sauƙin tafiya, ta zubar da wani abu na kaifinsa. Abin da ke fara ɓacewa shi ne ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, da ɗigon aya, da bambancin waƙafi da aya, da 'yar tazarar da ke raba kalma da kalma, wato daidai abubuwan da gida na huɗu ke ƙirgawa. Malamin da ya zare rabin maki a kan harafin da bai gani da yaƙini ba ya yanke hukunci bisa shubuha, abin da ko alƙalin ƙauye ya san shari'a ba ta yarda da shi ba. Gane wannan illa ba shi da wuya: idan ka buɗa hoton da yatsu biyu ka ga gefen haruffa ya zama hazo, ko ka lura kurakuran sun taru a kusurwa ɗaya ta shafi alhali sauran wurare lafiya lau, to laifin na haske ne. Magani shi ne a sake ɗauka da rana a inuwa, takarda shimfiɗe a kan tabarma, waya a saitin tsakiyarta, shafi ɗaya hoto ɗaya, gefuna huɗu duka a ciki, a kuma aika ta Document, inda ba a matse hoto.

Ga misalin wata ɗaliba 'yar aji biyar daga wani ƙauye kusa da Ɗambatta, wadda aka ba ta batun yadda ake noman gero, kalmomi kamar 300. Ba a ƙirga kalmomi ɗaya-ɗaya a fuskar waya. Sai a ƙirga na layi biyar na farko, a fitar da matsakaici, a ninka da yawan layuka. Nata layi 42 ne, kowanne kimanin kalma 8, wato wajen 336, ta cika sharaɗi. A jigo ta sami 7, domin yarinya ce da ta san gona: ta ambaci sharar gona da kai taki da jaki tun da bazara, da shuka bayan ruwan farko, da noman firi da maimai, da yadda ake tsarma wake a tsakanin gero, amma ta tsaya a girbi ba ta kai ga ɗaurin dami da zubawa a rumbu ba. A tsari ta sami 4, saboda duk insha'in sakin layi biyu ne, kuma ta kawo maganar taki bayan ta riga ta wuce maimai. A sarrafa harshe 11, domin kalmominta na manoma ne na ainihi, sai dai kusan kowace jimla da "sannan kuma" take farawa. A ƙa'idojin rubutu, hoton farko ya nuna wurare 20, wanda ke nufin sifiri. Da aka sake ɗauka da hantsi, sai ga shida daga cikinsu ƙugiyoyi ne da ta sa, duhu ya cinye. Saura 14, aka zare 7, ta tsira da 3. Jimla 25 cikin 50, maimakon 22.

To, a nan ne ni da abokan aikina da yawa muka rabu. Su a ganinsu aiki ya ƙare da an rubuta mata 25. Ni kuwa ina ganin mizani an yi shi ne domin mai duba takardun dubban yaran da bai sani ba, don hukuncinsa ya daidaita da na sauran masu dubawa, ba a yi shi don ya koyar da kowa ba. A tsangaya, gardi idan ya yi satu ya kawo allonsa darasu, malam kan ɗora alƙalami a kan harafin da ya ɓaci, a gaban mai allon, ba kuwa a wanke allo sai gyara ya zauna. Hoto ya raba malam da takarda, jan biro ba ya isa gare ta, saboda haka wajibi ne a nemi abin da zai maye gurbin wannan ɗora alƙalami. Abin da na ga ya fi sauƙi shi ne ɗalibi ya sa lamba a gefen kowane layi na biyar kafin ya ɗauki hoto, yadda malam zai iya cewa "layi na 17" su duka biyu su san inda ake nufi. Zane da yatsa a kan hoton, wanda wasu ke yi, yakan rufe kalmar da ake son nunawa.

Gyaran kuwa kada ya wuce uku, kuma kowanne ya faɗi wuri, ya faɗi illa, ya faɗi abin da za a yi. Da aka dubi kurakuran nan 14 na yarinyar, tara daga ciki abu ɗaya ne: tana raba "yana" da "suna" da "muna" gida biyu. Wannan ƙa'ida ɗaya ce ba ta sani ba, ko da yake mizani ya ci ta tara sau tara. Ga abin da aka rubuta mata: "Na ɗaya, a layi na 3 da na 8 da na 17 kin rubuta 'su na', haɗe ake rubuta shi, 'suna'. Akwai sauran wurare shida irinsa, ki nemo su da kanki. Na biyu, layi na 24 zuwa 29, maganar taki, ki ɗauke ta ki mayar da ita kafin shuka, ki ba kowane aikin gona sakin layinsa. Na uku, daga layi na 10 zuwa 20 jimla biyar sun fara da 'sannan kuma'. Ki bar ɗaya, sauran ki buɗe su da lokacin aikin, kamar 'da gero ya yi kwana goma sha huɗu'." Sauran kurakurai biyar an bar su sai wani zagaye, da gangan, domin yaron da aka jera wa laifi goma sha huɗu a saƙo ɗaya babu wanda zai gyara a ciki. Makin ma a ƙarshen saƙo aka sa shi, don na lura in ya zo a farko, nan karatun yake tsayawa.

Akwai masu cewa saƙon murya ya fi, tun da yaro zai ji lafazin malaminsa. Yana da amfani wajen bayanin tsari, amma ba na yarda da shi a ƙa'idojin rubutu, domin "suna" da "su na" a kunne ɗaya suke. Ga shi kuma wayar ta aro ce, mai ita zai karɓe abarsa ya tafi kasuwa, alhali rubutaccen gyara yaro na iya kwafe shi a bayan littafinsa cikin minti biyu.

Abin da hoto ba zai taɓa shaida wa malam ba shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka ana rubutun, da ko wani ya zauna kusa yana shifta. A takardar Ingilishi ta WAEC ana son kalmomi 450 cikin kamar minti 50, wanda kuwa ya kwana biyu yana tsara nasa a gida bai auna kansa da wannan ba. Saboda haka ba na shigar da makin hoto cikin rajistar makaranta. Na gwaji ne tsakanina da ɗalibi. Sharaɗina ɗaya ne ga mai son in duba masa insha'i na gaba: ya fara turo hoton wancan na baya, ya sake rubuta sakin layin da aka yi masa magana a kai, da lambobin layi a gefe.