Yadda Gwani Ke Gyara Bakin Tambari

A ce an kawo wa mai zane jan tambari a kan farin bango, hoton JPEG mai faɗin fiksel 600, ana so ya ɗora shi kan fosta mai launin shuɗi mai duhu. Mai son jiki sai ya danna Magic Wand a Photoshop, ya goge farin, ya ce ya gama. Gwani kuwa a nan aikinsa yake farawa.

Abu na farko, sai ya shimfiɗa baƙin launi a ƙarƙashin tambarin da aka raba da farin bangonsa, ya zuƙo hoton zuwa kashi 400 cikin ɗari. Nan take aibi biyu za su fito fili: bakin ya yi tsini-tsini kamar haƙoran zarto, ga kuma wani siririn zare ruwan hoda da ya kewaye shi. Zaren nan ba datti ba ne. Fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka yi hoto, masu kusurwa huɗu ne, don haka idan ana son lanƙwasa ta yi sumul, sai a gauraya ja da fari a ɗigon da ke kan iyaka. A farin bango ido ba ya ganinsu, amma da an sauya bango sai asirinsu ya tonu.

Shi ya sa gwani ba ya gogewa kai tsaye. Rufewa yake yi da Layer Mask, wanda ke ɓoye ɗigo ba tare da ya hallaka su ba. Sai ya buɗe Select and Mask. Yana ƙara Smooth kaɗan don ya kwantar da tsinin, sannan ya sa Feather a rabin fiksel, ko ɗaya in ta kama. Feather tausasa iyaka yake yi, ɗigon baki su riƙa dusashewa sannu a hankali. In aka kai shi fiksel uku a tambari ƙarami irin wannan, sai ya yi dishi-dishi. Daga nan ya ɗan ɗaga Contrast don bakin ya dawo da kaifinsa, ya ja Shift Edge zuwa hagu har iyakar ta shige ciki ta haɗiye ruwan hodar.

Amma fa kowane ja da aka yi, naman tambarin ake ci. Siraran haruffa su ke fara ramewa, Smooth mai yawa kuma yana dakushe kusurwoyi. Saboda haka idan tambarin launi ɗaya ne, gwani yakan bar iyakar inda take. Sai ya zartar da rufin, ya kulle da Lock transparent pixels, ya ɗebo ainihin jan daga tsakiya, ya cika duka da shi. Ɗigon baki sun koma ja ke nan, laushinsu bai taɓu ba. Wannan dabarar ta fi burge ni.

Kafin ya adana, sai ya gwada shi kan baƙi, fari da shuɗin fostar, sannan ya fitar da shi a PNG, domin JPEG ba ya riƙe bango mara launi.