Albarka ta Mai Rake: Martani a Kan Gyaran da Aka Yi wa Labarin Ƴar'uwarmu

A zamanmu na karatu da ya wuce, wata ƴar'uwa ta karanta mana gajeren labarinta na wata tsohuwa mai sayar da rake a bakin tashar Matamai. Ba ta kai ƙarshe ba wani ɗan'uwa, wanda ya fi mu duka sanin Larabci, ya ɗaga hannu ya ce akwai kalmomi uku da ta ɓata: albarka, sha'awa da fitina. Ya ce kalmomin Larabci ne, suna da ma'anarsu a littafi, kuma marubuci bai kamata ya bi bakin kasuwa ba. Na ga ta ɗauki biro ta fara kashe su a kayenta. Ni ma shiru na yi a lokacin, don ban shirya amsa ba. Yanzu na shirya, kuma roƙona shi ne ta maido da kalmomin nan inda suke.

Mu fara da albarka, don nan ne gyaran ya fi ba ni mamaki. A labarin, wani yaron mota ya taya rake dala ashirin, tsohuwa ko kallonsa ba ta yi ba ta ce: “Albarka.” Ya ƙara biyar, ta sake cewa albarka. Sai da ya kai talatin ta ce ta sallama. Ɗan'uwanmu ya ce al-baraka alheri ne da ƙaruwa daga Allah, ba ta nufin “a'a”. Gaskiya ne, a Larabci haka take. To amma wa ya taɓa cin kasuwa a Matamai ko Kance ko Daura bai san abin da tsohuwar nan take nufi ba? Bahaushe bai son ya ce wa mai sayen kayansa “ban sayar ba” gatsau, sai ya rufe ƙin da addu'a. Yaron ya ji an ƙi tayinsa, kuma ba a ci masa fuska ba, ƙofar ciniki tana buɗe. In aka cire kalmar aka sa “a'a”, tsohuwar ta zama wata mai kaushin baki wadda ba ita marubuciyar ta zana ba. Kuma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Bakin da ya ce albarka a ciniki shi ne zai ce wa yaron “Allah ya yi maka albarka” in ya ɗauke mata dami.

Abin da ɗan'uwanmu bai lura da shi ba shi ne, Hausa ta sha aron kalma ɗaya sau biyu, ta ba kowace aikinta dabam. Ku duba lissafi da hisabi. Dukansu daga kalmar Larabci ɗaya suke, hisab. Lissafi shi ne wanda mushe yake koya mana a lekol, shi ne kuma wanda mai kanti yake yi da yamma. Hisabi kuwa sai ranar tsayuwa. Ba wanda zai ce ya faɗi jarrabawar hisabi, sai dai in ba'a yake. Haka laifi da aibi, duka daga aib. A Larabci kalmar tana nufin naƙasa ko abin kunya, kuma aibi ya riƙe wannan: dabba mai aibi ba a layya da ita. Amma laifi ya tafi gaban alƙali, ya zama abin da mutum ya aikata ake hukunta shi. Ga al'ada da la'ada: ɗaya abin da aka gada, ɗaya kuɗin dillali, wato abin da aka saba ba shi in ciniki ya faɗa. Wanda ya fi shafarmu mu marubuta shi ne ladabi da adabi. Larabci yana kiran tarbiyya da fasahar rubutu da suna ɗaya, adab. Kakanninmu sun ɗauki na tarbiyya tun da daɗewa, mu kuma ƴan makaranta muka zo daga baya muka ɗauki na littafi. Shi ya sa za ka iya samun ɗalibin adabi marar ladabi, kuma ba sai na nuna kowa da yatsa ba.

Akwai alamar da ake gane tsohon aro da ita. Harafin nan al- na farkon suna a Larabci ya manne da kalmar ya koma l kaɗai: lafiya, labari, lahira, liman, lokaci. A wasu kuma b na ƙarshe ya koma f, kamar yadda al-kitab ya zama littafi, al-hisab ya zama lissafi. Sautukan maƙogwaro da Bahaushe bai da su sun zube a hanya. Wannan alama ce ta kalmar da ta bi baki da kunne, ta fatake da matafiya, ba ta allo ba. Waɗanda malamai suka ɗauko daga littafi sun fi kama da asalinsu. Joseph Greenberg ya rubuta a kan wannan rabe-rabe a 1947, Mervyn Hiskett kuma ya sake duba tarihin abin a 1965. Ƙa'idar ba ta tafi daidai ko'ina ba, don ladabi ya riƙe b ɗinsa, albarka da alƙali sun riƙe al- ɗinsu cikakke. Wasu kalmomin ma ta Barno suka biyo. Kasuwa asalinta suƙ ne na Larabci, amma sai da ta zama kasugu a bakin Barebari kafin ta iso mana, kuma mu mutanen ƙasar Damagaram, da sarautarta ta daɗe tana bin Barno, bai kamata wannan ya zama mana baƙon labari ba. Kalmar da ta yi irin wannan tafiya ta ɗaruruwan shekaru, ta sake sura har Balarabe ba zai gane ta ba, da wane dalili za a ce ma'anarta kaɗai ce ba ta da izinin motsi?

Sha'awa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Marubuciyar ta ce tsabtar tsohuwar ta ba fasinjoji sha'awa. Ɗan'uwanmu ya ce shahwa a Larabci ta fi karkata ga buƙatar jiki, saboda haka jimlar ba ta dace ba. A Hausa muna cewa gona ta yi ban sha'awa, yaro yana sha'awar zama likita, ba kuma wanda yake sunkuyar da kai. Ɗaya ma'anar tana nan, amma zance ne yake nuna ta. A cikin mu ashirin da muka saurari labarin, mutum ɗaya ne tunaninsa ya je can, kuma ƙamus ne ya kai shi.

A kan fitina ne zan ba shi rabin gaskiya. Tsohuwar ta kira jikanta fitinanne don ya hana ta sakat da roƙon rake. Wannan Hausa ce tsantsa, har mun ƙera wa kalmar ƴaƴa: fitinanne, fitinanniya, ya fitine ni. Ba abin gyara a nan. Amma damuwarsa tana da tushe a wani wuri. A Alƙur'ani fitna abu ne mai nauyi: jarrabawa, da azabtar da mutane don su bar addininsu. Akwai ayoyi biyu a Suratul Baƙara, ta 191 da ta 217, da suka auna ta da kisa, kuma malaman tafsiri sun fassara ta a wurin da shirka da kuma tsananta wa muminai. Na sha jin an jawo ayar nan a kan rigimar kishiyoyi ko faɗan maƙwabta a kan rariya. Wanda ya yi haka ya ɗauki ma'anar gida ya ɗora wa aya, kuma wannan kuskure ne na gaske. Haka munafuki: a wurinmu mai kai gulma ne tsakanin mutum biyu, a littafi kuwa mai ɓoye kafirci ne yana nuna imani. Saboda haka iyakar a bayyane take. In kana fassara nassi, ma'anar Larabci ce take mulki, kuma dole ka yi hattara da kalmar Hausa mai kama da ita. In kana sa magana a bakin mai rake, ma'anar Matamai ce take mulki. Ɗan'uwanmu ya ɗauko dokar zauren tafsiri ya kai ta tasha.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar da ba wanda ya tanka a kanta, ni ma sai da na karɓi kayen na sake karantawa na gan ta. A sakin layi na uku marubuciyar ta ce, da muryarta ba da ta tsohuwa ba: “almajirai sun cika tashar, makafi da guragu da tsofaffin mata.” Ba ɗalibin allo ko ɗaya a cikin waɗanda ta lissafa. Mabarata take nufi.

Almajiri daga al-muhajir yake, wanda ya yi hijira. Suna ne na waɗanda suka bar Makka zuwa Madina a shekara ta 622. A ƙasar Hausa ya zama sunan wanda ya bar garinsu don neman karatu, kuma har yau babban malami yakan ce shi almajirin wane ne, yana alfahari. Da yake yaran allo suna bara don su ci, sai sunan ya zame daga karatun ya koma kan ƙoƙon. Ba mu kaɗai ba ne: talibé da ake faɗa da Faransanci daga Dakar har Yamai asalinsa ɗalibi ne, shi ma ya bi wannan hanya.

Za a ce mini, ai kai ne yanzu ka ce ma'ana tana da izinin motsi. Haka ne, kuma ban ce mutanen tasha sun yi kuskure ba, haka ake faɗa. Bambancin shi ne, albarka ta ciniki ba ta rage wa kowa komai ba, ba mu kuma da wata kalma da za ta yi aikinta. Nan kuwa muna da mabaraci, kalma sarai wadda ta faɗi abin da ake nufi. In marubuci ya bar ta ya ɗauki almajiri, ya haɗa yaron da ubansa ya damƙa wa malam da duk mai miƙa hannu a titi, har mai karatu ya daina tambayar ko yaron yana karatun ma, wa yake ciyar da shi, ina yake kwana. A ajinmu na lise akwai waɗanda suka fara da allo a wani gari kafin su shigo lekol, kuma na san yadda fuskarsu take yi in aka ce wa wani “kai almajiri ne?” don ya roƙi biro. Da tsohuwar ce ta faɗa a cikin zance, da na bar mata, don haka tsofaffin tasha suke magana. Muryar mai ba da labari kuwa zaɓin marubuciya ce.

Saboda haka ga abin da nake ba ƴar'uwarmu shawara kafin a kai labarin wurin mai hotokofi: ta maido da albarka sau biyun nan, ta maido da sha'awa da fitinanne, ta sa mabarata a sakin layi na uku. Shi kuma ɗan'uwanmu ina roƙonsa ya kawo mana jerin kalmomin da ya san ma'anarsu ta Hausa ta saɓa wa ta nassi a zama mai zuwa, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni zan zo da bidi'a, don kakata har ta rasu kiɗan biki take nufi da ita.